Hular Baba da Zanen Inna: Yadda Ake Lallashin Yaron da Ya Yi Rashin Mahaifi ko Mahaifiya

Idan aka yi rasuwa a gida a Zugurma, kowa ya san aikinsa. Maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata su cika tsakar gida, maƙwabta su ɗora tukunya, liman ya ja addu'a. Mutum ɗaya ne ba a tanadar masa komai ba, wato yaron da aka mutu aka bari. Shi akan ce a kai shi maƙwabta, a miƙa masa alewa, in ya tambayi ina Baba a ce ya yi tafiya. Bayan sadakar uku jama'a su fara raguwa, bayan ta bakwai gida ya yi tsit, a lokacin ne yaron zai fara fahimtar cewa wani abu ya faru, kuma a lokacin ne masu lallashi suka riga suka koma gonakinsu.

Wannan yanki na ƙaramar hukumar Mashegu, a ƙasar Kontagora, bai rasa irin waɗannan yara ba. Ban da zazzaɓi da haihuwa da haɗarin hanya da ke ɗauke iyaye ko'ina, an ga manyan rashi a kusa. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa masallaci a Mazakuka ana sallar asuba, suka kashe fiye da mutum 15. Ranar 29 ga Mayu, 2025 kuma ambaliya ta ci unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, aka rasa rayuka fiye da 150. Bayan kowane adadi akwai yara, kuma tambayar da baffa ko goggo ko malamin makaranta ke yi ita ce: me zan kai masa, me zan yi da shi?

Kafin kyauta, a faɗa masa gaskiya

Babu kyautar da za ta yi aiki a kan ƙarya. Yaron da aka ce wa Baba ya yi tafiya zai riƙa leƙa ƙofa duk lokacin da ya ji ƙarar babur. Wanda aka ce wa Inna barci take yi yana iya ƙin kwanciya, don kada shi ma ya kasa farkawa. Ran da gaskiya ta fito, sau da yawa daga bakin wani yaro a wurin wasa, ya yi rashi biyu ke nan: na mahaifi, da na yarda da manyan gidan.

Abin da za a ce gajere ne. Wanda yaron ya fi sabawa da shi ya zaunar da shi a cinya ko kusa da jiki, ya ce: "Baba ya rasu. Allah ya karɓi abinsa. Ba zai dawo gida ba, kuma ba ya jin ciwo yanzu. Ba kai ka jawo ba. Ni ina nan, Inna tana nan." Jimlar "ba kai ka jawo ba" ba ado ba ce. Yara 'yan shekara 4 zuwa 8 sukan ɗauka cewa tunaninsu ko rashin jinsu yana iya haddasa abu, don haka yarinyar da ta ƙi zuwa aike ranar da uwarta ta kwanta ciwo tana iya ɗaukar laifin a ranta shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Ɗan ƙasa da shekara 5 bai gane cewa mutuwa ba ta da komowa. Zai ji bayanin yau, gobe ya sake tambaya yaushe Baba zai dawo. Ba rashin ji ba ne, haka kansa ke aiki. A maimaita masa amsar nan dai, da kalmomin nan dai, ko sau nawa ya tambaya.

Kyautar da ta fi kowace: abin mamacin

Akwai wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka, wanda J. William Worden da Phyllis Silverman suka jagoranta. Sun bi yara 125 daga gidaje 70, masu shekara 6 zuwa 17, tsawon shekara biyu bayan rasuwar uwa ko uba. Sun samu kusan uku cikin huɗu na yaran suna riƙe da wani abu na mamacin, suna ajiye shi kusa da su. Sun kuma ga cewa abin da ya fi nuna yadda yaro zai kasance shi ne halin da wanda ya rage cikin iyayen yake ciki, kuma wasu yaran damuwarsu ba ta bayyana sosai sai a shekara ta biyu. Boston da Zugurma ba ɗaya ba ne, amma duk wadda ta taɓa ganin yaro yana shinshinar mayafin uwarsa ba za ta yi mamakin sakamakon ba.

Ga ƙaramin yaro, ƙamshi ya fi hoto. Zanen da mahaifiya ke ɗaurawa kullum, ko ɗankwalinta, ko rigar da mahaifi ke sawa in ya dawo daga gona, su ne abin nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe kayan duka a wanke a ƙulle cikin akwati washegari. A ware guda ɗaya kada a wanke shi. A bar yaro ya lulluɓa da shi, ko a sa masa a ƙarƙashin matashi. Ƙamshin zai gushe cikin makonni, shi ya sa yana da kyau a adana kwalbar turaren da mamacin ke shafawa, a riƙa ɗiga kaɗan jefi-jefi.

A nan akwai gargaɗin da masu rubutun ƙasashen waje ba su san da shi ba. Duk abin da Musulmi ya mutu ya bari, har allura, gado ne, kuma akwai haƙƙin sauran magada a kai. Ba daidai ba ne goggo ta ɗauki agogon ɗan'uwanta ta ba ɗan autansa don tausayi. Hanya mai sauƙi ita ce a faɗa wa wanda zai raba gadon tun da wuri cewa ana son hula kaza da carbi kaza su faɗa cikin rabon wane, a yi musu kuɗi a lissafa. Kafin rabo, a nemi yardar manyan magada a bar abin a hannun yaron a matsayin aro. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowane ɗaki ya samu nasa. In 'ya'yan uwargida suka samu hula, na amarya suka tashi a tutar babu, abin da aka yi don sanyaya zuciya zai zama mafarin gaba.

Akwatin tunawa

Dabarar tara waɗannan abubuwa wuri guda ta yaɗu a Afirka ne lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe iyaye. A Uganda, cikin shekarun 1990, matan ƙungiyar NACWOLA da ke ɗauke da cutar suka riƙa rubuta wa 'ya'yansu littafin tunawa: sunayen dangi, labarin yarintarsu, inda gonarsu take. Ba sai an sayi wani abu mai tsada ba. Ƙaramar adaka ta ƙarfe, ko kwalla mai murfi daga kayan ɗakin mamaciyar, ta isa. Ƙarfe ya fi kwali saboda gara da ɓera da damshin damina.

A ɗauki misalin gida guda don a ga yadda aikin ke tafiya. Manomi ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar mata ɗaya da yara uku: namiji ɗan shekara 12, mace 'yar shekara 7, da ɗan auta mai shekara 4. Matar ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, ita kanta tana neman mai riƙe ta. Ƙanwar mamacin, goggon yaran, ita ta ɗauki aikin.

Ba ta fara a makon farko ba. Ta bari har bayan sadakar bakwai, gida ya yi sauƙi. Ranar farko ba ta yi komai ba sai ajiye adakar a gabansu, ta ce: "Wannan ta Babanku ce, duk abin da kuke so ku tuna shi da shi a nan za mu sa." Ta bar kowa ya zaɓi abu ɗaya. Babban ya ɗauki hular da uban ke sawa ran Juma'a. Yarinyar ta ɗauki kwalbar turare. Ƙaramin ya ɗauko murfin tocila da ya fashe, kuma goggo ba ta ce masa ya sake zaɓi ba, domin da wannan tocilar uban ke raka shi bayan gida da dare. Babba ba ya iya sanin abin da ya fi daraja a idon yaro.

Mako na gaba sai batun waya. Wayar mamaci tana da hotuna da saƙonnin murya, kuma ita ce abin da ake saurin sayarwa ko a ba wani ya goge komai. Kafin wayar ta bar gidan, goggo ta sa aka kwashe hotuna da muryoyin zuwa katin waya guda biyu, ɗaya a adaka, ɗaya a wurin baffan yaran. Ta aika Kontagora aka wanko hoto ɗaya har kwafi uku aka rufe da leda, kowane yaro da nasa. Muryar ba ta kunna musu ba sai da ta tambaya. Yarinyar ta so ji, ta yi kuka, ta ce a sake. Babban ya ce ba ya so, aka ƙyale shi.

Daga nan sai littafi. An sayi littafin rubutu mai shafi 60, kuma duk wanda ya zo daga baya yin ta'aziyya, goggo takan roƙe shi labari ɗaya game da mamacin. Aboki ya ba da labarin ranar da sa ya ja shi cikin fadama, kaka ta faɗi irin ƙiriniyarsa yana yaro. Babban yaron ne ke rubutawa, da boko ko da ajami, wanda ya fi masa sauƙi. Labaran ban dariya sun fi yabo amfani, domin "mutumin kirki ne" kowa ma ana faɗa masa, amma faɗuwa a fadama ta uban nan ce shi kaɗai. Ɗan autan da ba zai tuna fuskar uban ba, wannan littafin ne zai zame masa sani in ya girma.

Ƙa'idar adakar guda biyu ce. Tana wurin da hannun yaran zai kai, ba a saman sif ba. Kuma ba a tilasta wa kowa buɗe ta.

Ga waɗanda ruwa ko wuta ta cinye musu komai, kamar yadda ya faru da gidaje da yawa a Mokwa, ba a rasa abin yi ba. A bi dangi da abokai: wata tana da zanen ankon da suka yi tare da mamaciyar, wani yana da hoton biki a wayarsa, wani yana da saƙon murya na gaisuwar Sallah. In duk babu, littafin labarai ya wadatar.

Abin da ake saya ko ake yi da hannu

Tela na iya yanka tsohon zanen uwa ya ɗinka ƙaramin matashi, ko 'yar tsana mai laushi da aka cusa wa auduga. A guji sa maɓalli ko dutsen ado in yaron bai kai shekara 3 ba, don kada ya haɗiye. A kuma nemi izinin yaron da ya yi wayo kafin a sa almakashi, domin wata yarinyar zanen take so yadda yake.

Ƙaramar fitila mai cajin rana kyauta ce da ba a cika tunawa da ita ba. Tsoron duhu yakan dawo wa yaro bayan rasuwa, ko da ya riga ya wuce shi, kuma fitilar da shi ne mai kunna ta da kashe ta tana ba shi ɗan iko a lokacin da komai ya kuɓuce masa. Littafin zane da fensir mai launi ma haka. In ya zana makara ko kabari ko mutum kwance, kada a tsawata masa. A ce kawai, "Ba ni labarin wannan."

Ba yaro 'yar akuya ya yi kiwo tsohuwar al'ada ce, kuma ta dace da ɗan shekara 8 zuwa sama: akwai ciyawa da za a yanko, ruwa da za a ba ta, dalilin tashi da safe. Akuya na ɗaukar ciki wata 5, don haka cikin shekara zai ga haihuwa. Sai dai a yi hattara. Dabba tana mutuwa, kuma yaron da bai daɗe da rashi ba bai kamata a ƙara masa wani ba. A sa malamin dabbobi ya yi mata rigakafi kafin a miƙa ta, a kuma yi alkawarin ba za a sayar da ita ba sai da saninsa in gida ya shiga matsi. Kaza ta fi haɗari, domin annobar kaji ta lokacin hunturu tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki.

Akwai abin da ba a kaiwa. Bindigar roba ba ta da wuri a hannun yaron da aka harbe ubansa. Kuɗi masu yawa a hannun yaro, ko alewa duk lokacin da ya fara kuka, suna koya masa cewa ana so ya yi shiru ne. Haka nan kyautar da aka ba shi shi kaɗai a gaban sauran yaran gida ana cewa "ai maraya ne" takan ware shi daga cikinsu, alhali abin da yake so shi ne ya zama kamar kowa.

Ayyukan yau da kullum

Yaro ba ya zama cikin baƙin ciki wuni guda kamar babba. Zai yi kuka yanzu, an jima yana langa a waje. Wasu manya kan ga haka su ce ai bai damu ba, ko su hana shi wasa don ana makoki. Duka biyu kuskure ne. Wasa shi ne hutunsa, a bar shi ya yi carafke da gala-gala da motar kara. A mayar da shi makarantar boko da ta allo bayan mako ɗaya ko biyu, a kuma sanar da malami a keɓe, don kada a doke shi in hankalinsa ya tafi wani wuri.

Dare ne ya fi wuya. A tsara masa abu guda da ba ya canzawa: wanka, shafa man kaɗe a ƙafa da baya, kofin kunu mai ɗumi, tatsuniya ɗaya, sannan addu'a ga mamacin da sunan da yaron ke kiransa. Kunun ma yana da asali, domin Nana A'isha takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu na garin sha'ir, don ya sanyaya zuciya. Wajen tatsuniya a zaɓi ta Gizo da Ƙoƙi mai ban dariya. Waɗanda ke ba da labarin marainiya a hannun muguwar kishiyar uwa a ajiye su tukuna.

Yara maza da suka ƙi magana sukan buɗe baki in hannunsu na aiki. Baffa ko kawu ya ɗauki ɗan shekara 12 zuwa gonar uban, su yi noma kafaɗa da kafaɗa, ko su zauna dara da yamma. Ba sai an tambaye shi yadda yake ji ba. Amma kada a ce masa "yanzu kai ne uban gida". Yaro ne, kuma wannan kalma takan sa ya haɗiye kukansa don kada a ga gazawarsa. A kula musamman da ɗan fari: uwar da ke kunyarsa, ba ta ko kiran sunansa, da wuya ta rungume shi, don haka kaka ko goggo ce za ta cike wannan gurbi.

Dasa itace da niyyar sadaka ga mamaci aiki ne da yara ke so, saboda yana ba su abin da za su yi wa iyayensu. A dasa a farkon damina, a kewaye da ƙaya ko kara saboda awaki. Zogale ya fi dacewa da ƙarami don yana saurin tashi, cikin 'yan watanni ya wuce tsayinsa. Mangwaro mai aure yakan yi shekara 3 ko 4 kafin ya ba da 'ya'ya. A dasa biyu ko uku, ko da ɗaya zai bushe. Haka nan ran Juma'a a bar yaron ya raba ƙosai ko waina da hannunsa. Iyalan Kirista na yankin suna iya yin makamancin haka ran Lahadi, da addu'a da waƙar da mamacin ya fi so.

Tarihin Musulunci ya nuna wannan kulawa a aikace. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da kansa ya je gidan, ya sa aka kawo masa yaran ya rungume su, ya umarci a dafa wa iyalin abinci. Bayan kwana uku ya koma, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski. Zuwa na biyun shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi a yau.

Lokutan da ake komawa, da lokacin zuwa asibiti

Wanda ke son taimakawa ya zaɓi rana guda a mako da zai iya cikawa, ko da ranar kasuwa ce ya biyo da tsarabar rake ko ƙuli-ƙuli kamar yadda uban ke yi. Zuwa kaɗan da ba ya yankewa ya fi buhun kaya na rana ɗaya. Akwai kuma ranakun da ciwon ke tashi: sadakar arba'in, ranar fita takaba, Sallar farko, da zagayowar shekara. Fitar takaba ta fi su haɗari, domin a nan ne ake shawarar wa zai riƙe wa. In da hali kada a raba 'yan'uwa gida-gida, kada kuma a canja wa yaro gida da makaranta da gari a lokaci guda. In mahaifiya ce ta rasu, mazhabar Malikiyya ta gabatar da kaka ta wajen uwa a reno, sannan 'yar'uwar uwa. Duk inda yaron ya koma, adakarsa ta bi shi.

Fitsarin kwance, manne wa babba, ciwon ciki, faɗa da 'yan'uwa, duk ana ganinsu a makonnin farko, kuma duka ba ya maganinsu. Abin da ke nuna lamarin ya wuce na gida shi ne yaro ya daina ci har ya rame, ko ya daina magana da wasa gaba ɗaya tsawon makonni, ko ya riƙa firgita da mugun mafarki fiye da wata guda bayan ya ga kisa ko ambaliya da idonsa. In ya ce yana so ya mutu ya bi mamacin, ko ya fara cutar da kansa, ba a jira ko kwana ɗaya. A kai shi asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Kontagora ko na Mokwa, kuma daga can ana iya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti. Kada a saya masa maganin barci a kemis ba da umarnin likita ba. Mai kai yaron kuma ya duba uwar ko uban da ya rage, in shi ma ba ya ci ba ya barci, a nuna su ga likita tare.